Kundin zango: raba awon gyara da awon hukunci a aji biyu

15 ga Satumba

Na buɗe wannan kundi ne saboda abin da na gani a takardun zangon da ya wuce. Gwaji huɗu na yi wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a lissafi, kowanne na gyara shi, na shigar da maki a babban littafi, na mayar wa yara takardunsu. Da jarrabawar ƙarshe ta zo, yaran da suka faɗi tambayar aljabara a gwajin farko su ne dai suka faɗe ta a ƙarshe, kuma da kuskure iri ɗaya. Wato sau biyar na auna su, sau biyar ma'auni ya faɗa mini abu guda, ni kuwa ban taɓa komai ba sai biro da littafin maki.

Shugaban sashenmu ya yarda in gwada wata hanya da aji ɗaya, mai ɗalibai 46, muddin ban taɓa makin da makaranta ke buƙata ba. Abin da zan yi shi ne in raba awo gida biyu, kowanne da littafinsa. Na farko zan riƙa kiransa awon gyara: tambayar da ake yi ana tsakiyar koyo, don a san abin da za a yi gobe ko nan da minti biyar. Na biyu awon hukunci: wanda ake yi bayan an kammala wani yanki na karatu, don a rubuta inda yaro ya kai, a sanar da iyaye da makaranta, a yanke ko ya wuce.

Rabon ba nawa ba ne. Michael Scriven ne ya fito da shi a 1967, kuma a lokacin kan tantance manhaja yake magana: akwai binciken da ake yi wa manhaja ana cikin gina ta don a gyara, akwai wanda ake yi bayan an gama don a ce ta yi ko ba ta yi ba. Benjamin Bloom ne ya ɗauko rabon ya kawo shi kan karatun ɗalibi cikin aji, a ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1971.

Na sayi ƙaramin littafi na rubuta "lura" a bangonsa. Maki ba zai shiga cikinsa ba.

18 ga Satumba

Awon gyara na farko. Saura minti biyar a tashi, na raba ƙananan takardu, na rubuta a allo: 2x = 4, nemo x. Kowa ya rubuta amsarsa ya ajiye a bakin ƙofa. Yara 44 sun rubuta 2. Na koma ofis ina jin daɗi, na rubuta a littafin lura cewa sun gane, mu ci gaba.

23 ga Satumba

Ashe ba su gane ba. Ni ne na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa.

Yau ina bita kafin mu shiga sabon abu, na rubuta 5x = 20, na nuna wani yaro da ya ci tambayar ran Alhamis. Ya miƙe da ƙarfin gwiwa ya ce 15. Na ce ya aka yi? Ya ce, "Malam, 5 ɗin na ƙetarar da ita, ta koma ragewa, 20 a cire 5." Nan take na waiwayi tambayata ta farko. A 2x = 4, wanda ya raba 4 gida 2 zai samu 2, wanda ya cire 2 daga 4 shi ma zai samu 2. Hanyar daidai da hanyar kuskure sun haɗu a amsa ɗaya. Tambayar ba ta iya bambance wanda ya sani da wanda bai sani ba, don haka 44 ɗin da na ƙirga ba su gaya mini komai ba.

Wannan ne abin farko da na koya game da tambayar gyara: ba a zaɓen lambobinta da ka. Sai ka fara zama ka lissafa hanyoyin da yaro zai bi ya ɓata, sannan ka zaɓi lambobin da kowace ɓata za ta ba da amsa daban. Na sake ta a wurin: 3x = 12, da zaɓi huɗu. A shi ne 4, na mai rabawa. B shi ne 9, na mai ragewa. C shi ne 15, na mai tarawa. D shi ne 36, na mai ninkawa. Ba wani zaɓi da aka sa don cike gurbi.

Sakamako: 27 sun ɗauki A, 13 sun ɗauki B, biyu C, huɗu D. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ajin na ragewa a inda ya kamata a raba, kuma ran Alhamis na rubuta da hannuna cewa sun gane.

Na ce wa wata yarinya cikin masu B ta mayar da amsarta cikin tambayar ta duba ko ta yi daidai. Na zaci za ta ninka 3 da 9 ta ga 27, ta gane da kanta. Sai ta ce, "Ya yi daidai, Malam, 3 da 9 ai 12 ne." A nan na tsaya. Matsalarta ba ta ƙa'idar ƙetarwa ba ce. Tun farko 3x a idonta 3 a tara da x ne. Kuma in an duba, tana da hujja: tun firamare duk inda ta ga abu biyu sun jeru babu alama a tsakani, tarawa ake nufi. 34 talatin ne da huɗu. 3½ uku ne da rabi. Sai mu kuma rana ɗaya muka rubuta 3x muka ce ninkawa ne, muka wuce ba mu ko waiwaya ba.

Da maki kawai na sa mata, da sifili zan rubuta, in maimaita mata ƙa'idar da ba ita ce ta ɓata ba. Na ajiye abin da na shirya, muka yi minti ashirin kan ma'anar 3x kaɗai: x + x + x, a sa x ya zama 4, a sa ya zama 9, a ga me ke fitowa.

30 ga Satumba

Ƙananan takardun bakin ƙofa suna da jinkiri: sai na koma ofis nake ganin amsa, gyara sai darasi na gaba. Don haka kowane yaro yanzu yana da kati huɗu, A zuwa D, da muka yanka daga tsofaffin kwalaye. In jefa tambaya a tsakiyar darasi, in ƙirga, kowa ya ɗaga lokaci ɗaya. Cikin daƙiƙa goma na ga ajin gaba ɗaya.

Ran farko abin dariya ya zama. Rabin ajin suna jiran yara uku na gaba su ɗaga, sannan su bi. Yanzu sai kowa ya zaɓi katinsa ya kifa shi a ƙirji, in na ce "ɗaga" a ɗaga tare, kuma fuskar katin ni take kallo.

Na kuma kama kaina da wata tsohuwar ɗabi'a. Mary Budd Rowe, da ta naɗi muryoyin malaman kimiyya cikin aji, ta bayyana a farkon shekarun 1970 cewa malami kan jira kamar daƙiƙa ɗaya bayan ya yi tambaya kafin ya sake magana, kuma in jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Na gwada ƙirgawa a zuci. Daƙiƙa uku gaban yara 46 da suka zuba maka ido sun fi yadda mutum ke zato tsawo.

Abin da ya fi wuya dai ba ɗaga katin ba ne. Shi ne in shiga aji da shiri biyu ko uku. In kusan kowa ya ci, in wuce, in bi 'yan kaɗan ɗin a benci yayin da ake aiki. In ajin ya rabu biyu tsakanin amsa biyu, in haɗa mai A da mai B su yi gardama minti biyu, in sake tambaya. In yawanci sun ɓata, in sake koyarwa ta wata hanya, don maimaita bayanin da bai shiga ba da ƙarin ɗaga murya ba ya ƙara komai. Ran da na ga katunan sun nuna ɓata amma na wuce saboda lokaci, wannan ranar ban yi awon gyara ba, ƙirga kati kawai na yi.

7 ga Oktoba

Kuskure na biyu, kuma ya fi na farko tsada.

Tun makon farko yara ke tambayata, "Malam, wannan za a sa a maki?" In na ce a'a, wasu sai su saki jiki, har akwai mai miƙo takarda babu komai. Makon jiya na gaji, na ce daga yanzu kowace takardar bakin ƙofa maki biyu ce, zan tara su cikin makin zango.

Kwana uku amsoshi suka yi kyau ƙwarai. Tambayar buɗe baka a lissafi da na yi ran Alhamis, 2(x + 3) = 14, mutum 41 suka rubuta 4. Na fara murna, sai na tuna 18 ga Satumba. Na baza takardun a tebur bisa tsarin zaman aji. Benci huɗu a jere sun rubuta aiki iri ɗaya, layi bisa layi, har da inda na farkon ya soke wani abu ya sake. Wani abu kuma ya ɓace: a da yara kan rubuta mini a ƙasa "ban gane daga nan ba", ko su bar rabin aiki inda suka tsaya. Yanzu babu ko ɗaya.

Laifin ba nasu ba ne. Da na ɗora maki, na canja abin da takardar ke nufi. Kafin nan amfanin yaro shi ne in ga inda ya ɓata. Bayan nan amfaninsa shi ne kada in gani. Wanda za a yanke wa hukunci ba ya fito da rauninsa, ko babba ne. Takarda ɗaya, tambaya ɗaya, minti biyar ɗaya, amma ta tashi daga awon gyara ta koma ƙaramin awon hukunci, kuma maras kyau, tunda ba a tsare ta daga satar amsa ba.

Yanzu na gane gwaje-gwajena huɗu na zangon jiya. Ina ɗaukarsu a matsayin bin diddigin karatu saboda suna zuwa a kai a kai. Jarrabawar ƙarshe ce kawai aka yayyanka gida huɗu. Yawan yin gwaji ba ya mayar da shi na gyara, haka ma ƙanƙantarsa.

Akwai binciken Ruth Butler na 1988 da ya dace da nan. Ta ba yara 'yan aji biyar da shida aiki, ta mayar wa wasu da maki kaɗai, wasu da sharhi kaɗai, wasu da maki da sharhi tare. Masu sharhi kaɗai ne aikinsu ya inganta a zagaye na gaba. Masu maki da sharhi tare ba su fi masu maki kaɗai ba. Duk malamin da ya taɓa raba takardu ya san dalili: ido kan faɗa kan lambar da ke cikin da'ira, daga nan ya leƙa ta maƙwabci, sai a ninke takarda.

Na shiga aji na janye maganar makin, na ce kuskurena ne. Wani ya ce, "To Malam, me za mu samu?" Na ce duk kuskuren da mutum biyar suka yi, gobe da shi za mu fara, kuma ba zan kira sunan kowa ba. Yau na sake tambayar baka da wasu lambobi, 3(x + 2) = 18. Mutum 24 suka samu 4. Goma sha biyar sun buɗe bakan sun ninka x kaɗai, suka rubuta 3x + 2 = 18, suka maƙale a 16 a raba 3. Sauran bakwai kowa da tasa. Wannan 24 ɗin ta fi mini waccan 41 amfani.

16 ga Oktoba

Malamar da ke koyar da insha'i a ajin ta ga ina tattara katuna, muka zauna. Nata aikin ya bambanta da nawa, don ba a tambayar insha'i da A ko B. Ta nuna mini littattafan bara: kowace wasiƙa da jan biro tun daga sama har ƙasa, sannan 6 bisa 10 da "a ƙara ƙoƙari". Ta ce, "Malam, daren Asabar biyu nake yi kan wannan, kuma ba wanda ke sake buɗe shafin."

Na ce mata "a ƙara ƙoƙari" hukunci ne da aka rubuta da kalmomi, don bai faɗa wa yaro abin da zai yi da biro gobe ba. Royce Sadler ya tsara maganar a 1989: kafin sharhi ya yi amfani, sai ɗalibi ya san yadda aiki mai kyau yake, ya iya kwatanta nasa da shi, sannan ya yi wani abu da zai rage tazarar. Na ukun ne muke yawan tsallakewa, domin da zarar an mayar da littafi an wuce babi na gaba.

Ga abin da ta gwada wannan makon da wasiƙar neman aiki. Ta karanta rubutun farko duka ba ta riƙe jan biro ba, ta fitar da lahani huɗu da suka fi yawa: wasu ba su faɗi dalilin wasiƙar a sakin layi na farko ba, wasu sun cusa magana uku a sakin layi ɗaya, wasu sun yi gaisuwar wasiƙar zumunci, wasu jimlarsu ba ta da aya har rabin shafi. Ta ba kowane lahani harafi. Kowane yaro harafi ɗaya ko biyu kawai ta rubuta masa a gefe, daidai wurin. A aji ta rubuta ma'anar haruffan a allo da misali ɗaya na gyara, ta ba su minti ashirin su sake rubuta wurin. Rubutu na biyun, wanda za su kawo mako mai zuwa, shi za ta sa wa maki.

Wasiƙa ɗaya ce ta bi ta awo biyu. Ta ce abin da ya ba ta mamaki, karatun farko bai kai mata awa biyu ba.

27 ga Oktoba

Makon gwajin tsakiyar zango, wanda makinsa ke shiga babban littafi. Da na zauna shirya shi na yi niyyar kwaso tambayoyin katuna in jera. Ban kai rabi ba na fasa.

Tambayar kati ƙunci gare ta da gangan: abu ɗaya take tonowa. Gwajin hukunci kuwa dole ya zagaye duk abin da aka koyar cikin mako shida, kowane yanki da nauyin da ya dace da shi, in ba haka ba yaro zai ci ko ya faɗi bisa sa'ar abin da ya fito. Ga kuma canka: a zaɓi huɗu, mai rufe ido ma yana da damar ɗaya cikin huɗu. A kati wannan bai dame ni ba, don ajin nake kallo gaba ɗaya, kuma ina iya ce wa yaro ya faɗi dalilinsa. A maki da zai tafi gida da sunan yaro ɗaya, ya dame ni. Sannan sun riga sun ga waɗannan tambayoyi, sun san amsarsu.

Na tsara maki 30 cikin minti 40, yanki biyar, kowanne maki shida: sauya harafi da lamba, daidaito mai mataki ɗaya, mai mataki biyu, mai baka, da tambayar da aka ba da cikin zance sai yaro ya mayar da ita lissafi da kansa. Duka sai an nuna aiki. An raba benci, kowa shi kaɗai, ba littafi.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne riƙe bakina. Yarinyar nan ta 3x ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan bakan duka zan ninka?" Mako shida ina roƙon su yi mini irin wannan tambaya. Yau na ce mata ba zan iya amsawa ba. Ta dube ni kamar na ci amanarta. Na yi mata bayani bayan an karɓi takardu: jiya aikina in taimake ki ki iya, yau aikina in ga abin da kike iyawa ba ni. Da na amsa mata, makinta da na wanda bai tambaya ba sun daina zama abin kwatantawa.

Na rubuta tsarin ba da maki kafin in buɗe takarda ko ɗaya. Misali, 4(x + 1) = 24 maki uku ce: ɗaya na buɗe baka daidai, ɗaya na tattara lambobi gefe guda, ɗaya na amsa, wato 5. Wanda ya rubuta 4x + 1 = 24, sannan 4x = 23, ya rasa na farko, ya samu na biyu tunda matakin daidai ne bisa abin da ke gabansa, ya rasa na uku. Ɗaya bisa uku. Na ba abokin aikina da ke riƙe da ɗaya ajin takardu goma ya gyara ba tare da ya ga makina ba. A bakwai mun yi daidai. A uku mun saɓa da maki ɗaya ko biyu, duka a kan yaran da suka raba 24 gida 4 tun farko suka samu x + 1 = 6, ba su buɗe baka ba. Hanya ce sahihiya, har ta fi gajarta, tsarina ne bai hango ta ba. Muka ƙara ta, na sake bin takardun duka.

A littafin lura ban taɓa buƙatar wani ya duba bayana ba. In na yi wa yaro mummunar fahimta yau, gobe katinsa zai gyara ni. Maki in ya shiga babban littafi ya zauna.

4 ga Nuwamba

Na gama gyara. Kafin in mayar da takardu na zana jadawali: sunaye a tsaye, tambayoyi a kwance, makin kowace tambaya a gurbinta. Awa ɗaya da rabi ya ci.

Yara biyu sun samu 18 bisa 30. A babban littafi tagwaye ne. A jadawali ba abin da ya haɗa su. Ta farko ta rasa huɗu a tambayoyin baka, ta rasa shida na tambayar zance gaba ɗaya, biyu kuma a ƙananan kurakurai. Mataki ɗaya da mataki biyu kusan duka ta cinye. Na biyun ya rasa makinsa warwatse a ko'ina, sai da na ɗauko takardarsa na ga zaren: duk inda lissafi ya gangara ƙasa da sifili, nan yake faɗuwa. A x + 9 = 4 ya rubuta 5. Ya san 9 za a cire, amma 4 a cire 9 ba ta yiwuwa a kansa, sai ya juya ta. Aljabararsa lafiya lau. Ciwon tun daga aji ɗaya ya taho da shi, kuma katunana ba su taɓa kama shi ba, don duk tambayoyin da na yi amsarsu sama da sifili take. Wannan ma nawa ne.

Wato gwajin hukunci ma ana iya tatsar gyara daga gare shi, in aka fasa jimillar aka dubi cikinta. Amma da iyaka. Tambayar baka biyu ce kacal, ba su isa in rantse kan abin da yaro ya sani ba. Kuma labarin ya iso bayan kwana takwas, mun riga mun shiga wani babi.

Na mayar da takardun ba jimilla a kai, sai alamar inda aka rasa maki. Na haɗa su rukuni bisa jadawalin, masu baka wuri ɗaya, masu ƙasa da sifili wuri ɗaya da layin lambobi a gabansu, masu tambayar zance tare da ni. Minti talatin. Sai a ƙarshe na karanta wa kowa makinsa a benci. An yi ƙorafi sosai kan jiran.

Wani yaro ya ce tunda yanzu ya iya, in canja masa maki. Na kai maganar wa shugaban sashe. Ya ce, "Malam, in ka canja wa ajinka, ɗaya ajin fa? Gwaji ɗaya suka zauna." Gaskiyarsa. Makin na ranar 27 ne, shaidar abin da aka iya a ranar, cikin sharaɗi ɗaya da kowa. Abin da aka gyara yau sai jarrabawar ƙarshe ta nuna shi. Yaron bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba.

13 ga Nuwamba

Yau na yi wani abu da ya rage mini zumuɗi. Ba tare da sanarwa ba na dawo da tambayar Satumba da sabuwar riga: 4y = 20. A farkon Oktoba, bayan gyaran da muka yi, mutum biyu kacal suka rage masu ragewa. Yau shida suka ɗaga 16. Huɗu sun koma gidan jiya.

Katin da aka ɗaga minti goma bayan bayani yana nuna cewa bayanin na nan a kunne. Bai nuna zai kai wata biyu ba. Awon gyara kusa yake da koyarwa ƙwarai, kusancin nan shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma makantarsa. Tambayar ko abu ya zauna, sai awon da ya zo daga nesa, bayan an manta da darasin, an cakuɗa shi da wasu babuka, ba malami a gefe. Na fara wannan aiki ina ganin jarrabawar ƙarshe kamar ihu bayan hari. Yanzu ina jiran ta da wata tambaya da ita kaɗai za ta amsa mini.

Abokin aikina ya tambaye ni ko ajina ya fi nasa a gwajin. Ya ɗan fi, amma na ƙi in ɗora komai a kai: yaran ba ɗaya ba, malaman ba ɗaya ba, kuma ni na rubuta tambayoyin. Ko a manyan bincike maganar girman amfanin ba ta mutu ba. Paul Black da Dylan Wiliam sun yi bitar rubuce-rubuce kusan 250 a 1998 suka ce ribar babba ce. Neal Kingston da Brooke Nash sun sake tacewa a 2011 da sharuɗɗa masu tsauri, suka samu riba amma ƙarama sosai a kan wadda aka fara faɗa. Abin da zan iya tsayawa a kai daga ajina ƙarami ne: na san kuskuren 3x a mako na biyu, bara kuwa har zango ya ƙare ban san shi ba.

Farashinsa kuma a bayyane yake. Ina bayan tsarin aikin zango da mako ɗaya da rabi. Ɗaya ajin sun gama babin kusurwoyi, mu ko farawa ba mu yi ba, kuma jarrabawar ƙarshe ɗaya za mu zauna.

20 ga Nuwamba

Mun shiga kusurwoyi ranar Litinin. Na rage tambayar kati zuwa ɗaya a darasi, a daidai gaɓar da in ba a gane ta ba sauran ba zai shiga ba. Ta yau: kusurwa biyu a allo, ɗaya digiri 40 da dogayen hannuwa, ɗaya digiri 60 da gajerun hannuwa, wacce ta fi girma? Mutum 17 suka zaɓi mai dogayen hannuwa. Tsawon layi suke aunawa, ba buɗewar da ke tsakani ba. Gobe zan shiga da almakashi biyu, babba da ƙarami, in buɗe su daidai wa daida a gabansu.

Minti biyar na farkon kowace Litinin yanzu na tsofaffin babuka ne, tambaya uku, ba maki, ɗaya daga ciki dole amsarta ta faɗa ƙasa da sifili. Yara shidan nan na 4y na rubuta sunayensu a bayan littafin lura, da gurbi uku a gaban kowanne, na Litinin uku da suka rage kafin jarrabawa.

Shugaban sashe ya ce in kawo rabona na tambayoyin jarrabawar ƙarshe ranar 28, da tsarin makinsu. Na rubuta biyar cikin takwas. Ta shida ta baka ce, kuma har yanzu ina neman lambobin da mai ninka x kaɗai ba zai faɗa kan amsar daidai da su ba.